Tsarin Ajinmu: Aji Huɗu, Makon Farko

Yarana, assalamu alaikum, barkanmu da dawowa daga hutu. Wannan takarda za mu karanta tare yau Litinin, a manna ɗaya a bayan ƙofa, kowa kuma ya kai ɗaya gida ya nuna wa iyayensa. Mu 52 ne a ɗakin nan, tebura 26. Idan ba mu tsara zamanmu tun yanzu ba, hayaniya za ta cinye mana zangon nan kaf, shi ya sa makon nan ba za mu yi gaggawar buɗe littafi ba.

Ƙarfe bakwai na safe kowa yana cikin makaranta. A sha koko a ci ƙosai kafin a shigo, ba na son ganin leda a ƙarƙashin tebur. Na raba ku rukuni biyar, kowane rukuni da ranarsa ta shara, goge allo da cika bokitin wanke hannu. Maza da mata duk za su riƙe tsintsiya, kada wani ya ce mini shara aikin mata ne. Bakwai da rabi a yi layi, mu yi addu'a, mu rera taken ƙasa, mu karanta alƙawarin ƙasa, sannan a shigo aji a jere ba tare da ture-ture ba. Wanda ya makara ya yi sallama a bakin ƙofa, ya jira izini, ya zauna, a lokacin hutu zan ji dalilinsa. Na san akwai masu taya iyayensu kai kaya kasuwar Asawase da asuba, na kuma san yadda ruwan Satumba ke cika kwalbatocin Aboabo. Ku faɗa mini gaskiya kawai.

Gobe Talata za mu raba wurin zama. Gajeru da waɗanda ba sa ganin allo sosai su zo gaba. Daga nan za mu koyi alamar shiru: idan na tafa sau uku, ku mayar mini da uku, ku ajiye alƙalami, ido a kaina. Za mu yi ta maimaitawa har ta zama jiki. Mai son fita bayan gida ya ɗaga yatsu biyu, mutum ɗaya ke fita a lokaci guda, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya dawo.

Ga dokar da ta fi kowace nauyi a wurina: a ajin nan ba a yi wa wanda ya ba da amsa ba daidai ba dariya. Bana kusan duk darussanmu da Turanci ne, kuma wasunku Hausa suke yi a gida, wasu Dagombanci, wasu yaren Asante. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya yakan rufe bakinsa har ƙarshen shekara, ya zauna yana kallon allo bai gane komai ba. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai. Saboda haka idan Turancin ya ƙi zuwa, yi tambayarka da Hausa, mu taru mu juya ta. Ɗaga hannu, jira a kira sunanka, in wani na magana ka saurara. Ba zagi, ba sunan tsokana, ba ambaton ƙabilar wani ko sana'ar uwarsa.

Babu bulala a ɗakin nan. Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai tun 2017, ni ma na yarda da hakan. Amma laifi yana da sakamako. Karon farko gargaɗi, na biyu mu zauna mu yi magana a lokacin hutu, na uku in rubuta a littafin aji in kira iyaye. Wanda ya ɓata abu shi zai gyara, wanda ya ɓata wa wani rai zai nemi afuwa.

Laraba a rubuta suna a kan kowane littafi da kwanon abinci. Alhamis ku zaɓi shugaban aji da mataimaki, mace da namiji, ta hanyar ɗaga hannu. Idan Malamin Larabci ya shigo, a miƙe a gaishe shi, duk dokokin nan suna aiki a darasinsa. Aikin gida kuwa ɗan kaɗan zan riƙa bayarwa, don na san da yamma kuna makarantar allo, amma da safe a ajiye shi a kan teburina kafin layi.

Iyayena, ina roƙonku ku sa hannu ko ku dangwala a ƙasan takardar nan, yaro ya dawo da ita ranar Juma'a kafin mu tashi zuwa masallaci. Idan akwai ciwo kamar asma ko sikila da ya kamata in sani, a zo a same ni kowace rana bayan an tashi.

Malamar aji huɗu
Aboabo, Kumasi