SANARWA GA ƊALIBAN AJI SHIDA KAN DOKOKIN JARRABAWAR GWAJI

Assalamu alaikum. Jarrabawar gwaji za ta fara ranar Litinin mai zuwa a babban zauren makaranta. Za mu gudanar da ita bisa irin tsarin da za ku tarar a WAEC da NECO, domin ku saba tun yanzu.

Takardar safe tana farawa da ƙarfe 9:00, ta rana da ƙarfe 2:00. Ranar Juma'a ta safe ce kaɗai. Kowa ya kasance a kujerarsa minti 30 kafin lokaci, da katin shaida, biro, fensir da rula. Wanda ya makara fiye da minti 30 ya fara zuwa ofishin jarrabawa. Jaka da littattafai a bar su a baranda. Za a duba kowa a bakin ƙofa, malamai mata su duba mata, maza su duba maza.

Maganar waya kuwa, ita ce ta fi jefa ɗalibai cikin matsala, kuma sau da yawa mantuwa ce kawai. Amma mai sa ido ba ya iya bambance wayar da aka manta a aljihu da wadda aka shigo da ita da niyya. Saboda haka ko a kashe take, a miƙa ta a teburin da ke bakin ƙofa, a karɓi lamba. Haka ma agogon da ke haɗe da waya.

Abin da ake ɗauka maguɗi shi ne shigowa da rubutu a takarda, tafin hannu, rula ko gefen hijabi. Leƙen takardar wani ko buɗe masa taka. Magana bayan an raba tambayoyi. Da rubuta wa wani jarrabawa. In kana buƙatar wani abu, ko da aron biro ne, ɗaga hannu. In ka tarar da tsohon rubutu a kan teburinka, nuna wa mai sa ido kafin a fara.

Wanda aka zarga ba za a fitar da shi ba. Za a karɓi abin da aka gani, a ba shi sabuwar takardar amsa ya ƙarasa, sannan ya rubuta bayaninsa. Kwamitin ladabtarwa zai saurare shi cikin kwana 3, tare da mahaifi ko waliyyinsa, kafin a yanke komai.

Magana ko leƙe a karon farko, gargaɗi ne a rubuce. Shigowa da rubutu ko waya, soke takardar da ake rubutawa. Rubuta wa wani, soke sakamakon mutum biyun da dakatarwa ta mako 2. A jarrabawar ƙarshe hukuncin ba ya hannunmu: hukumar jarrabawa na iya riƙe sakamako ko soke shi, kuma dokar maguɗin jarrabawa ta 1999 ta mai da shi laifi a Najeriya.

Mai rashin lafiya ko wani uzuri ya sanar da malamin ajinsa kafin ranar Juma'ar nan. Allah Ya ba da sa'a.

Jami'in Jarrabawa,
a madadin Shugaban Makaranta