Tambayar Jarrabawa da Amsarta: Gas ɗin Jinin Dattijon da Numfashi ke Yi wa Wuya

Tambaya ta 4 (maki 20)

An kawo wani dattijo ɗan shekara 64 sashen gaggawa da daddare. Kwana huɗu ke nan yana zazzaɓi da tari mai majina ruwan ɗorawa, tun jiya kuma numfashi ya gagare shi. Ya shafe shekara 40 yana shan taba, an kuma daɗe da tabbatar masa da ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu, wanda ake rubutawa COPD a katinsa. Da aka duba shi, yana gyangyaɗi, sai an girgiza shi yake amsawa. Yana numfashi sau 32 a minti, bugun zuciya 118, awon jini 86/50, zafin jiki 38.9. Tafin hannunsa da sanyi. Ana jin ƙarar ruwa a ƙasan huhun dama. An sa masa abin rufe hanci da baki na Venturi mai ba da oksijin kashi 28 cikin ɗari, sannan aka ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu. Ga sakamakon:

```
pH 7.19   PaCO2 60 mmHg   PaO2 54 mmHg   HCO3 22 mmol/L
Na 138   Cl 96   Lactate 7.8 mmol/L
Albumin 2.8 g/dL   Glucose 7.2 mmol/L   Ketones: negative
```

A tsohon katinsa akwai gwajin da aka yi masa wata uku da suka wuce, lokacin yana lafiya lau:

```
pH 7.36   PaCO2 55 mmHg   HCO3 30 mmol/L
```

(a) Faɗi matsalar asid da alkali da ke tattare da wannan majiyyaci, tare da lissafin da ya kai ka ga amsar. (maki 12)
(b) Me sakamakon ke nunawa game da shigar oksijin cikin jininsa? (maki 4)
(c) Me za ka yi masa a sa'ar farko? (maki 4)

Amsa da bayani

Kafin komai, a tabbata lambobin sun yarda da juna, domin takan faru a kwafo lamba ba daidai ba, ko a haɗa bikabonet na wani gwaji da gas na wani. Gajeriyar hanyar dubawa ita ce:

```
H+ = 24 x PaCO2 / HCO3 = 24 x 60 / 22 = 65 nmol/L
```

A pH 7.40 adadin yakan zama 40, a 7.30 ya zama 50, a 7.20 kuma kusan 63. To 65 ya dace da 7.19. Sakamakon abin dogaro ne, sai mu ci gaba. Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma akwai maki ɗaya a kansa.

Jinin mai lafiya yana tsakanin pH 7.35 da 7.45. Na dattijon nan 7.19 ne, wato asid ya yi yawa, kuma ba kaɗan ba. Sai tambaya ta gaba: wa ya jawo? Abu biyu ne ke riƙe da ma'aunin. Akwai iskar kabon dayoksaid da huhu ke fitarwa, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 35 da 45, akwai kuma bikabonet da ƙoda ke kula da shi, tsakanin 22 da 26. A nan PaCO2 ya kai 60. Ya hau, pH ya sauka, saboda haka akwai asidosis na numfashi. Babu gardama a wannan.

Daga nan ne ɗalibai da dama kan zame. Sai mutum ya dubi bikabonet, ya ga 22, ya ce ai yana cikin iyaka, ya rubuta "asidosis na numfashi, sabo, ƙoda ba ta riga ta kawo ɗauki ba", ya ajiye biro. Mai wannan amsa maki huɗu zai samu cikin sha biyu. Kuskurensa shi ne ya auna bikabonet da ma'aunin mai lafiya, alhali abin tambaya shi ne: ga mutumin da PaCO2 ɗinsa ya kai 60, nawa ya kamata bikabonet ya zama?

Ƙa'idar ba ta da wuya. Idan kabon dayoksaid ya taru farat ɗaya, cikin 'yan sa'o'i, bikabonet yana ƙaruwa da 1 a kan kowane hawan 10 na PaCO2. Wannan aikin sinadaran da ke cikin jini ne, musamman himogulobin, ba na ƙoda ba. Idan kuwa abin ya daɗe, ƙoda ta samu kwana uku zuwa biyar tana aikinta, ƙarin yakan kai kusan 4 a kan kowane 10. PaCO2 ɗin dattijonmu ya ɗara 40, wato tsakiyar iyakar mai lafiya, da 20, bikabonet kuma daga 24 za mu fara ƙirga shi:

```
24 + (1 x 2) = 26
24 + (4 x 2) = 32
```

Ke nan ko da a ce jiya-jiya matsalar ta fara, 26 muke sa ran gani. Idan tsohuwa ce, 32. Abin da na'ura ta ba mu 22 ne, ƙasa da dukansu biyun. Wani abu ya cinye bikabonet ɗin.

Tsohon katin ba don ado aka sa shi a tambayar ba. Wata uku baya PaCO2 ɗinsa 55 ne, bikabonet 30, pH 7.36. Hawan 15 sama da 40 yana ba da ƙarin 6, wato 30 cif. Mutum ne da jikinsa ya saba da tara iskar, ƙodarsa ta daɗe da daidaita lamarin. Daga 55 zuwa 60 ƙarin 5 ne kacal, kuma ƙarin 5 shi kaɗai ba zai taɓa jefa pH daga 7.36 zuwa 7.19 ba. Da bikabonet yana nan a 30, da pH bai sauka ƙasa da 7.32 ba. Asalin faɗuwar daga bikabonet ta zo, wanda ya sauko daga 30 zuwa 22. Ga wani, 22 lafiya ce. Ga wannan bawan Allah, asarar 8 ce. Akwai asidosis na metabolik a ɓoye a bayan na numfashin, kuma shi ne ya fi yin ɓarna.

Sai a nemi irinsa, ta hanyar lissafa giɓin aniyon:

```
AG = Na - (Cl + HCO3) = 138 - (96 + 22) = 20
```

Yawanci ana ɗaukar 12 a matsayin iyakar sama, kodayake ɗakunan gwaji sun ɗan bambanta. Ashirin ya riga ya wuce. Amma a lura da albumin. Shi ne mafi yawan abin da ke cike wannan giɓi a jinin mai lafiya, don haka idan ya yi ƙasa, giɓin yakan fito ƙarami fiye da gaskiyarsa. Ana ƙara 2.5 a kan kowane 1 g/dL da albumin ya gaza 4.0. Nasa 2.8 ne, ya gaza da 1.2, sai a ƙara 3. Giɓin gaskiya 23 ne.

Wane asid ne ya cike shi? Sukarin jini 7.2 ne kuma babu kiton, don haka ba rikicin ciwon sukari ba ne. Labarin bai ambaci shan guba ko maganin da ya wuce kima ba. Laktet kuwa 7.8 ne, alhali bai kamata ya wuce 2 ba. Ga zazzaɓi, ga awon jini a ƙasa, ga hannu da sanyi, ga oksijin da bai isa ba. Nimoniya ce ta zama sefsis, jini ba ya kai wa gaɓoɓi yadda ya kamata. Laktet ya ɗauki kaso mafi girma na ƙarin giɓin. Ragowar mai yiwuwa daga ƙoda ne, wadda ba ta son ƙarancin jini ko kaɗan, shi ya sa za a nemi gwajin yuriya da kiriyatinin.

Saura kwatanta hawan giɓin da faɗuwar bikabonet. Giɓin ya hau da 11, daga 12 zuwa 23. Wanda ya auna faɗuwar daga 24 zai samu 2 kawai, rabon ya fito 5.5, sai ya rubuta cewa akwai alkalosis na metabolik a matsayin matsala ta uku. Na fahimci inda ya fito, domin littafi ya ce rabon da ya wuce 2 yana nuna bikabonet ya riga ya yi sama kafin asid ya zo. Gaskiya ne ya yi sama, amma mun san dalili: ƙoda ce ta tara shi saboda tsohon ciwon huhu. A auna daga 30, faɗuwar ta zama 8, rabon ya zama kusan 1.4, wanda ya dace da asidosis na laktet. Ba sai an ƙirƙiro wata cuta ba. Da tambayar ta ce yana ta amai ko yana shan maganin sa fitsari, da zancen ya canza.

Wasu za su kawo lissafin Winters, kuma ba laifi:

```
PaCO2 = (1.5 x HCO3) + 8 = 41 (+/- 2)
```

Ba don masu tara kabon dayoksaid aka tsara shi ba, saboda haka kada a jingina da lambar sosai. Amfaninsa a nan guda ne: yana tuna mana cewa mai asid a jini kamata ya yi ya riƙa fitar da iskar da ƙarfi har PaCO2 ya sauka. Na wannan dattijo hawa ya yi, duk da yana numfashi sau 32 a minti. Numfashin sama-sama ne, yawa ba ƙarfi. Naman ƙirjinsa ya gaji, gyangyaɗin da yake yi kuma ba barcin hutu ba ne.

Amsar sashe (a) a taƙaice: asidosis mai haɗe biyu. Na numfashi, tsoho da ya ƙara tsananta, tare da na metabolik mai babban giɓin aniyon, sanadin laktet daga sefsis.

Sashe (b). PaO2 na 54 ya gaza 60, PaCO2 kuma ya wuce 45, wato gazawar numfashi nau'i na biyu. Amma taruwar kabon dayoksaid ce kaɗai ta rage oksijin, ko huhun kansa ya samu matsala? Lissafin iskar da ke cikin buhunan huhu ne zai raba gardama, idan an ɗauki nauyin iska 760 mmHg:

```
PAO2 = 0.28 x (760 - 47) - 60/0.8 = 200 - 75 = 125
A-a = 125 - 54 = 71 mmHg
```

Ga ɗan shekara 64 da ke shaƙar iskar ɗaki, ana sa ran tazarar kusan 20. Ƙarin oksijin yakan faɗaɗa ta kaɗan, amma ba har 71 ba. Jini yana ratsa wani sashe na huhu da iska ba ta shiga, wato inda nimoniyar ta cika, ga kuma tsohon lahanin da taba ta yi. Duk wanda ya sa 0.21 a lissafin ya manta majiyyacin yana kan oksijin, ya yi asarar maki biyu.

Sashe (c). A ƙara oksijin a hankali har ma'aunin yatsa ya tsaya tsakanin 88 da 92 cikin ɗari. Kada tsoron taruwar kabon dayoksaid ya sa a bar PaO2 ɗinsa a 54, kada kuma a buɗe masa oksijin gaba ɗaya a tafi. A ɗebi jini don noman ƙwayoyin cuta, a fara maganin kashe su ta jijiya ba tare da jinkiri ba, a sa ƙarin ruwa ana bin awon jini da yawan fitsari, a ba shi maganin buɗe hanyoyin iska ta na'urar da ke mayar da shi tururi, a ɗauki hoton ƙirji. Yana bukatar na'urar taimakon numfashi. Ta fuska ita ake fara tunani a COPD idan pH ya gaza 7.35, amma mai gyangyaɗi, mai awon jini 86/50 da pH 7.19, yana iya kasa jurewa. A kira likitocin sashen kulawa ta musamman tun yanzu, a shirya sa bututu a maƙogwaro idan ta kama.

Wanda ya rubuta "a ba shi bikabonet ta jijiya" ba shi da maki a wannan layi. Bikabonet idan ya haɗu da asid, kabon dayoksaid yake zama, wannan majiyyaci kuwa wanda ke jikinsa ma ya kasa fitarwa. A maimaita gas ɗin jini da laktet bayan minti 30 zuwa 60.