Batu: Ina aka kwana kan bidiyoyin talla huɗu na wannan watan?

Assalamu alaikum Malam Nura,

Barka da aiki. Da fatan kana lafiya, kai da iyali.

Ina so in san halin da bidiyoyinmu huɗu na talla suke ciki a yau, domin rangwame zai fara ranar Litinin 17 ga wata, kuma akwai shirye-shiryen shago da ke jiran amsarka. Na leƙa YouTube Studio da safe, uku na tarar a shafin Content, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ke nuna Scheduled.

Wanda ke nuna hakan shi ne na jakunkunan makaranta, Juma'a 14 ga wata, ƙarfe 6 na yamma. Don Allah ka sake buɗe shi ka tabbatar agogonmu aka zaɓa a wurin sa lokaci, don idan agogon wata ƙasa ne, bidiyo zai iya fita da tsakar dare babu mai amsa wa masu tambaya. Ka duba wurin Audience kuma. Iyaye muke yi wa magana, muna nuna musu ɗinki da zif da kaurin madauri, saboda haka "No, it's not made for kids" ya kamata ya kasance. In aka zaɓi ɗayan, za a rufe wurin sharhi, alhali a nan masu saye ke tambayar girma da kala.

Na akwatunan tafiya yana nan a Private, kuma a layin Restrictions na ga an rubuta Copyright. Ina zaton kiɗan da aka ɗora a ƙarƙashin murya ne Content ID ya kama. Ka faɗa mini daga daƙiƙa ta nawa zuwa ta nawa ne, kuma ko toshe bidiyon za a yi a wasu ƙasashe, ko kuɗin talla kawai mai kiɗan yake nema. Ko wanne ne, ban so mu tsaya jayayya a kai. A sauya shi da wani daga Audio Library, amma a saurara da kyau kada ƙarar tayoyin akwatin a kan tayil ta ɓace. Wannan gurin ne ke nuna wa mai kallo cewa tayar ba ta cijewa.

Na ukun shi ya fi damuna, wato na sanarwar rangwame. A wanda ka turo mini makon jiya, a daƙiƙa ta 12 rubutu da murya duk suna cewa kashi 20 cikin ɗari, mu kuwa a kashi 15 muka tsaya. Jakar hannu mai ruwan ƙasa da aka buɗe bidiyon da ita ma ta ƙare, ba za ta sake shigowa ba kafin ƙarshen wata. Mutum ya tako har shago da abin da ya gani a bidiyo, a ce masa ba haka ba ne, ba ƙaramin zubar da mutunci ba ne. YouTube ba ya bari a musanya fayil bayan an ɗora shi, kuma Editor irin su yanka da dusashe hoto da ɗora kiɗa zai iya, ba zai gyara lamba ko murya ba. Dole a ɗora sabo, adireshinsa kuma zai canza. Wannan adireshin ne za mu mayar lambar QR a takardun talla, shi ya sa na dakatar da mai buga su. An gyara? An sake ɗaukar muryar? Ina so a ɗora shi aƙalla kwana ɗaya kafin ranar fitarsa, domin ya gama sarrafuwa zuwa HD, kada farkon masu kallo su ga fatar jakar dishi-dishi.

Na huɗu, gajeren nan na Shorts, ban gan shi ba sam, ko a Draft. In yana hannun mai tacewa, yaushe zai kammala? A tuna cewa mahaɗin da aka sa a bayanin Shorts ba ya dannuwa, sai a haɗa shi da bidiyon rangwame ta Related video. Rubutu kuma ya zauna a tsakiya, don sunan tasha da maɓallai suna rufe ƙasa da gefen dama.

Ka ba ni amsa kafin azahar ɗin Laraba 12 ga wata, da ranar da agogon fitar kowanne, da hoton bangon da aka sa masa. In ka ga na rangwamen ba zai kammalu ba kafin Asabar, ka faɗa mini kai tsaye, sai mu buga takardun da adireshin tasha a maimakon na bidiyon. In kuma wani abu ake jira daga wajena, hoto ko samfurin kaya, a yau zan aiko.

Na gode. Allah ya taimaka.

Hajiya Bilkisu