Labaran Rana: Bijimi ya tsinke igiya a tsakiyar kasuwa

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Wani hoton bidiyo marar sauti, mai tsawon minti 2 da daƙiƙa 10, ya nuna yadda wani farin bijimi ya hargitsa layin 'yan gwari a wata kasuwa.

A farkon hoton, ana ganin matasa biyu suna janye da san, ɗaya da igiyar wuya, ɗaya da ta ƙafar baya. Suna isa kusa da wani Keke Napep da ke fakin, sai igiyar ƙafar ta tsinke. San ya yi kan rumfunan kayan miya, ya ture kwanduna uku na tumatir da tiren attaruhu, mutane suka watse. Wata dattijuwa mai shuɗin hijabi ba ta motsa daga kan tabarmarta ba, ta dai jawo kwanon daddawarta ta rungume.

Daga nan hoton ya yi ta girgiza na kusan daƙiƙa 20, ƙasa da takalman mutane kawai ake gani. Da ya daidaita, maza shida sun kewaye bijimin, wani mai jar hula ya jefa masa igiya a ƙaho, suka ɗaure shi a jikin turken rumfa.

A iya abin da hoton ya nuna, ba a ga wanda ya faɗi ko aka ɗauka ba. Ya ƙare ne yara suna tsince tumatir suna mayarwa cikin kwando.

Sai labari na gaba.