Addu'ar Ubangiji, layi-layi, domin Ayuba

Ɗana Ayuba, ga bayanin da ka roƙa a ajin baftisma. Addu'ar tana Matiyu 6:9-13. Luka 11 ma ya kawo ta a taƙaice, lokacin da wani almajiri ya ce wa Yesu ya koya musu addu'a.

"Ubanmu wanda ke cikin sama." Ɗa ne ke kiran ubansa, saboda haka ka saki jiki. Yahaya 1:12 ta ce duk wanda ya karɓi Almasihu an ba shi ikon zama ɗan Allah. Kuma ba kai kaɗai ba ne, ko a ɗakinka ka durƙusa, da 'yan'uwa kake roƙo.

"A tsarkake sunanka. Mulkinka ya zo." Girman Allah ake fara nema kafin bukatar kai.

"A aikata nufinka a duniya kamar yadda ake yi a sama." Faɗinsa da sauƙi. Amma Yesu da kansa ya yi irin wannan roƙo a Gatsemani, daren da aka kama shi, yana sane da abin da ke jiransa.

"Ka ba mu yau abincin yini." Na yau kawai, ɗana. A Fitowa 16, Isra'ilawan da suka ɓoye manna don gobe sun wayi gari ta yi tsutsa tana wari. Ba hana tanadi aka yi ba, babanka ya ci gaba da cika rumbunsa da gero. Zullumi ne aka hana. Kuɗin tiyar masara, maganin yara, cinikin shagonka na Kofar Kaura, duk suna cikin wannan layi.

"Ka gafarta mana laifofinmu, kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suke yi mana laifi." Nan ne gizo ke saƙa. Cikin addu'ar kaf, wannan ne Yesu ya koma kansa a aya ta 14 da 15: in ba ku yafe wa mutane ba, Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Na san batun gonar gadon nan da kawunka ya sayar. Ban ce ka fasa neman haƙƙinka ba. Amma ran nan ka ga shi a kasuwa ka kau da kai. Ka fara da gaisuwa.

"Kada ka kai mu cikin jaraba, amma ka cece mu daga Mugun." Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta, haka Yakubu 1:13 ta ce. Mai wannan roƙo ya san rauninsa ne.

"Gama mulki da iko da girma naka ne har abada. Amin." Wannan babu shi a kwafe mafi tsufa na Matiyu, amma ikkilisiya ta daɗe tana rufewa da shi, ya kuma yi kama da yabon Dauda a 1 Tarihi 29:11.

Ka haddace ta kafin ajin Asabar, ƙarfe 4. Ka gaida maiɗakinka.

Baba Dattijo