Ƙorafi kan Zanen Ledar Garin Kunu da Neman Gyara Kafin Biyan Cikon Kuɗi

Ƙofar Ƙaura, Katsina.
20 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Shugaban Sashen Zane,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da aikin da kuka aiko mana ranar Alhamis da ta wuce, wato tambarin kamfaninmu da zanen ledar garin kunun gyaɗa da kuma allon talla. Mun zauna da abokan aikina mun duba shi a tsanake, har muka buga samfuri ɗaya a takarda don mu gani da idonmu, kuma gaskiyar magana ita ce aikin bai kai matsayin da muka yi yarjejeniya a kai ba a watan Disamba.

Abin da ya fi damunmu shi ne rubutun Hausar. Salon harufan da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka a gaban leda, inda sunan kaya yake da manyan baƙaƙe, kalmar gyaɗa ta fito da wani ɗan akwati a madadin ɗ. A bayan leda kuwa sai aka bi hanya mai sauƙi aka cire lanƙwasar gaba ɗaya, har umarnin da muka rubuta cewa "a ƙara ruwan zafi" ya koma "a kara ruwan zafi", ɗanɗano kuma ya zama dandano. Mai karatu zai iya lalubo abin da ake nufi, amma kamfanin da ke Katsina, yana sayar wa Hausawa abincinsu na gado, bai kamata a gan shi yana tuntuɓe a rubutun harshensa ba. Muna so a sauya salon harufan da wanda ke ɗauke da waɗannan baƙaƙe manya da ƙanana, a kuma kwafi rubutun daidai yadda muka aiko shi, ba tare da an sake buga shi da hannu ba.

Sai batun tambari. Mun nemi a zana Hasumiyar Gobarau, har na turo hotuna uku da na ɗauka da kaina, amma abin da muka gani doguwar hasumiya ce siririya mai ƙubba a kanta, irin ta masallatan zamani. Gobarau ginin ƙasa ce mai faɗin gindi, tana tsukewa hawa-hawa zuwa sama, kuma duk Bakatsine zai gane ta ko daga nesa. Wadda kuka zana ba ita ba ce, kuma ina kyautata zaton daga intanet aka ɗauko ta, abin da ka iya jawo mana rigimar haƙƙin mallaka nan gaba. A sake zana ta daga hotunan da muka bayar.

Launin ma bai tsaya ba. Ruwan ƙasa mai ɗan ja da muka zaɓa ya yi kyau a waya, amma da aka buga sai ya dushe ya koma kamar laka, kuma mai ɗab'inmu ya tabbatar mana cewa an shirya fayil ɗin a RGB ne maimakon CMYK. Ya ce hoton kofin kunun bai kai 300 dpi ba, shi ya sa ya yi dishi-dishi, sannan ba a bar rarar milimita 3 a gefuna ba don yanka. Haka kuma ba a ware gurbin lambar rajistar NAFDAC ba, balle na ranar sarrafawa da ranar ƙarewar wa'adi da lambar rukuni, kuma nauyin gram 500 ya ɓuya a maɗaurin leda inda injin liƙi zai cinye shi. Idan babu waɗannan bayanai a fili, ba mu da ikon kai kayan kasuwa. Allon tallan ba mu da ta cewa a kansa, in ban da lambar wayarmu da ta yi ƙanƙanta ga mai wucewa a kan babur.

Daga cikin naira 450,000 da muka daidaita, mun biya naira 270,000 tun farko, saura naira 180,000. Kuɗin suna nan a ajiye, kuma za mu tura su a ranar da muka karɓi aikin da aka gyara a PDF tare da ainihin fayil ɗin CDR, bayan mun ga samfurin da aka buga mun sa hannu a kansa. Waɗannan gyare-gyare duka suna cikin abin da muka nema tun asali, don haka ba mu sa ran za a caje mu wani ƙarin kuɗi a kansu.

Ana sa ran fara azumi a farkon watan Maris, lokacin da garin kunu ya fi tafiya a Babbar Kasuwa da shagunan unguwanni, kuma masu buga ledarmu a Kano suna buƙatar mako uku. Saboda haka muna roƙon aikin ya iso mana nan da ranar Litinin, 27 ga Janairu. Idan akwai abin da bai fito sarai ba a wannan takarda, a shirye nake in zo ofishinku ranar Laraba bayan sallar azahar mu zauna da mai zanen.

Allah ya ƙara girma.

Naku,
Manajan Sashen Kasuwanci.