Kan Sani

Tun ranar da sakamakon BAC ya fito Sani bai zauna ba, shi bai ma yi jarrabawar ba, abokinsa Bashir ne ya ci, amma kai ka ce shi ne ya ci saboda rawar kai. Bashir ya ce ranar Asabar da dare za a yi soware a gidan yayansa, an kama mai kiɗa, an gayyato 'yan fada uku, kuma Hadiza za ta zo. To wannan na ƙarshen shi ne ya hana Sani barci. Yana so ya shiga wurin kowa ya juyo, kuma abin da ya tsaya mai a rai shi ne gashin nan mai ruwan zinari irin na 'yan ƙwallo da yake gani a waya.

Sai ranar Asabar ɗin bayan azahar kuɗi suka shigo hannunsa, jika biyar ladan gyaran wani babur. Ya hau kabu-kabu daga Garin Malam zuwa Zango wajen Laminu mai aski, wanda yake mai aski tun yana firamare.

Laminu ya sa yatsu cikin sumar ya ɗan ja, ya ce "Sani me ka sa wa kan nan?"

"Man miƙar da gashi ne yaya, sati guda kenan."

"To ba yau ba. Gashin da ya sha man miƙarwa ka ƙara mai maganin cire launi, karyewa zai yi. Kuma baƙin gashi irin namu ba ya zama zinari a zama ɗaya, sai ya yi ja, ya koma ruwan lemo, sannan ya zo rawaya. Zama biyu ake yi, da sati biyu ko uku a tsakani, kafin nan ma sai na ɗiga maka kaɗan a bayan kunne mun ga kwana biyu."

"Yaya Laminu yau ne fa sowaren, zan ƙara maka kuɗi."

"Riƙe kuɗinka ƙanena. Zo in gyara maka gefe da gefe ka tafi fes."

Sani ya fita ko sallama babu. Ya wuce Kasuwar Dole ya sayi garin cire launin da kwalbar ruwan da ake kwaɓa shi, mai shagon ya nuna mai mai lamba 20 da 30 da 40, ya tambaya wanne ya fi sauri, aka ce 40, ya ce shi za a ba shi. Bai tsaya jin cewa 40 ɗin shi ya fi ƙarfi ba, kuma masu sana'ar ba sa yarda ya taɓa fatar kai.

A fada ya tarar da Ila yana hura gawayin shayi. Ila kuwa bai taɓa rina ko zare ba, amma ya ce ai abin ba wuya, ya gani a bidiyo. Suka kwaɓa a murfin roba da tsinke, warin ya bugi hancinsu har Ila ya kawar da kai yana tari, ya shafe wa Sani kai tas da tsohon buroshin haƙori har kan fata, suka ɗaure da baƙar leda, Sani ya ce bari ya zauna a rana don ya kama da wuri. Ga shi da safen nan ya wanke kan da sabulu ya sosa shi sosai, ɗan maiƙon da zai kare fatar duk ya fita.

Minti goma kan ya fara ƙaiƙayi, minti ashirin ya koma kamar an zuba mai barkono, Ila ya ce alamar yana aiki ne. Suka leƙa, gashin ya yi ja. Sani ya ce a ƙara. Ya cije har aka kira la'asar, awa guda da wani abu, hawaye na zubo mai yana cewa hayaƙin gawayi ne, sai da ya ji kamar fatar na tsagewa sannan ya zabura a guje ya yi gida. Ya murɗa famfo, iska kawai ta fito. Duk ɗan Damagaram ya san wannan ƙarar, kwana biyu kenan unguwar ba ruwa. Ya faɗa kan randar Inna, ruwan da ta saya wajen ɗan ga-ruwa da safe don girki, ya dinga kwarawa da moɗa.

Inna ta fito daga madafa ta tsaya, ta ce "Innalillahi, Sani me ka yi wa kanka?" Ba ta jira amsa ba ta karɓe moɗar ta ce ya duƙa, ita ta dinga zuba mai a hankali, ta aika ƙanwarsa maƙwabta ta roƙo bido guda. Ruwan na gangarowa da guntayen gashi, yana kallon su a ƙasa suna bin rariya, wasu ja wasu ruwan lemo, in ya taɓa wanda ya saura sai ya ji shi kamar jiƙaƙƙiyar auduga, ya miƙe ya tsinke. A tsakiyar kai da bayan kunne fatar ta yi ja ta sale.

Da magariba yayarsa Zainabu ta kai shi asibitin unguwa, aka wanke aka ba shi man shafawa, aka ce kar reza ko wani magani ya taɓa wurin sai ya warke sarai, kar kuma ya ɓare ɓawon. A daren yana kwance rub da ciki a tabarma saboda ƙeya ba ta taɓuwa, waya na ta haske, Bashir na kira, hotuna na shigowa. Ya ga Hadiza cikin shuɗin leshi. Ya kife wayar.

Abin da ya fi mai wuya ma ba zafin ba ne, ƙaiƙayin warkewa ne. Sati uku yana yawo da hula, hannu ya tashi zai sosa sai Inna ta ce "Sani" daga inda take, ya mayar da hannun. Baba kuwa sau ɗaya ya ce ya cire hular ya gani, ya duba ya ce Allah ya sawwaƙe, bai ƙara ko kalma ba, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi wa yaron sauƙi.

Da ɓawon ya faɗi da kansa ya koma Zango. Ya daɗe a bakin shagon kafin ya shiga ya ce "Yaya Laminu ka yi haƙuri." Laminu ya ce zauna, ya duba kan a haske, ya kwashe sauran mataccen gashin a hankali, ya ce sai sabo ya fito, wata biyu ko uku, kuma ban da man miƙarwa.

Wata uku ɗin suka cika ana saura kwana biyu bikin yayan Ila. Sani ya zo, Laminu ya ɗiga mai maganin a bayan kunne ya ce ya dawo jibi. Ila da ya rako shi ya ce "haba, jibi ne fa bikin, a yi yau mana kawai."

Sani ya shafa baƙar sumarsa a madubi ya ce "Da wannan zan je. Yaya gyara min gefe da gefe, in an gama biki na dawo mu fara."